Saƙon godiya bayan intabiyu: abin da ake rubutawa a tsakiyarsa

A wannan bidiyon za mu duba ɗan gajeren imel ɗin da mai neman aiki yake aika wa kwamitin da ya yi masa intabiyu. Gaisuwa da godiya ba su ba kowa wahala. Inda ake yin tuntuɓe shi ne tsakiyar saƙon, wato jimloli biyu ko uku da za su tuna wa kwamitin dalilin da ya sa aikin ya dace da ku.

Mu ɗauki wata mata da ta nemi aikin kula da kaya a siton wani kamfani. Mutum uku suka yi mata tambayoyi, kuma ana cikin magana shugaban kwamitin ya ce abin da ya fi damunsu shi ne, duk ƙarshen wata, adadin kayan da ke rubuce ba ya yin daidai da abin da ake samu in an ƙirga. Tana fitowa, tun kafin ta manta, ta rubuta wannan magana a takarda tare da sunayen mutanen uku da muƙamansu, domin a kanta za ta gina saƙon.

A wurin taken saƙo ta rubuta: "Godiya kan ganawar yau, gurbin jami'in kula da sito." Sannan ta ci gaba kamar haka:

"Ranka ya daɗe, ina godiya gare ka da sauran 'yan kwamiti bisa lokacin da kuka ba ni yau. Na riƙe bayanin da ka yi game da bambancin da ake samu tsakanin lissafi da kaya a ƙarshen wata. A inda nake aiki mun yi fama da irin wannan, sai na raba kayan kashi huɗu muna ƙirga kashi ɗaya kowane mako, ta yadda kuskure yake bayyana tun rasit ɗinsa yana kusa. Zan yi farin cikin kawo muku wannan tsari. Idan akwai wata takarda da kuke buƙata daga gare ni, a shirye nake in aiko. Na gode."

Ku lura cewa ba ta ce ita mai ƙwazo ce ko mai riƙon amana ba, domin duk wanda ya zauna a kujerar nan a ranar ya faɗi haka. Ta ɗauko damuwar da suka furta da bakinsu, ta ajiye a gefenta wani abu da ta taɓa yi da hannunta, ta bar su su haɗa da kansu. Akwai hanya mai sauƙi ta auna naku saƙon: idan za a iya sauya sunan kamfanin a aika shi wani wuri ba tare da an taɓa ko jimla ɗaya ba, to tsakiyarsa fanko ce, sai a sake ta. Sai dai abin da kuka ce kun yi ya zama gaskiya, saboda ana iya tuntuɓar tsohon wurin aikinku.

Game da lokaci, a aika cikin awa 24, tun fuskarku ba ta ɓace musu ba, kuma kada saƙon ya wuce kalmomi 150. Idan adireshin jami'in kula da ma'aikata kaɗai kuke da shi, ku rubuta masa ku roƙe shi ya isar wa kwamitin. Hakan ya fi a shiga farautar lambobin wayar mutane. Idan kuwa kuna da adireshin kowa, kada ku tura musu saƙo iri ɗaya sak, domin sukan tura wa juna, gara a rubuta guda ɗaya zuwa ga shugaban a ambaci sauran. A duba rubutun suna da muƙami a takardar gayyata harafi bayan harafi. Maganar albashi kuma a bar ta sai an yi tayin aikin.

Saƙon yana da iyakarsa. A wuraren da kowane ɗan kwamiti yake ba da maki a fom nan take, wataƙila an gama lissafi kafin ya isa, don haka ba zai gyara amsar da ta lalace ba. Idan an ce za a ji sakamako cikin mako biyu, a jira wa'adin ya cika, sannan a aika tambaya guda cikin ladabi a ƙarƙashin wancan saƙon na farko, domin wanda ya buɗe ya ga godiyar da ranar da aka yi ganawar.