Kashi 130 na me? Yadda ake auna takardar mai neman aikin sayar da kaya

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa masu ɗaukar ma'aikata a Garwa.

Assalamu alaikum, jama'a. Kafin ku buɗe takardar tarihin aikin kowa, ku fara zama da tallar da kuka fitar. A ce kamfanin sarin kayan gini ne a nan Garwa yake neman wakilin ciniki. Talla ta ce ana so ya kawo sefa miliyan 240 a shekara, kowane ciniki wajen miliyan 2, zai kuma riƙe Marwa, Yagwa da Kusuri, inda kamfanin bai da abokan ciniki tukuna. Ku raba 240 da 2. Ciniki 120 ke nan a shekara, goma a wata. Da wannan mudun za mu auna kowa.

Ga takardu biyu. Na farko ya rubuta cewa ya cika kashi 130 cikin ɗari na abin da aka yanka masa. Na biyu ya rubuta kashi 92. Yawancinmu hannu zai tafi kan ta farko, to amma kashi 130 na me? Da aka tambaya, miliyan 60 aka yanka masa, wato ya kawo miliyan 78, abin da bai kai sulusin 240 ba. Na biyun miliyan 200 aka ɗora masa, ya kawo 184. Shi da bai cika nasa ba ya ninka wancan fiye da sau biyu.

Kada ku yi saurin murna da 184 ɗin nan. A Kamaru harajin TVA kashi 19.25 ne, kuma takardar ciniki tana nuna kuɗi iri biyu, HT wanda babu haraji da TTC wanda haraji ke ciki. Idan da TTC ya ƙirga, ku raba da 1.1925, sai ya dawo wajen miliyan 154. Miliyan 30 sun tafi, alhali ba ƙarya ya yi ba. Sannan ku tambaya: kayan da ya fita aka ƙirga, ko kuɗin da ya shigo? Wanda ya zuba wa 'yan sari kaya bashi a watan Disamba don ya cike lissafi zai yi kyau a takarda, kamfaninsa kuwa yana can yana bin mutane har damina. Ku kuma lura da kalmar “mun sayar”. Mu su wa? Wani jimillar mutum biyar yake rubutawa a ƙarƙashin sunansa.

Sai girman ciniki. Na farkon cinikinsa wajen dubu 150 ne, wato ciniki 520 a shekara. Sana'ar mai bin shaguna ce a kan babur, a sauke kaya a karɓi kuɗi nan take. Cinikin miliyan 2 kuwa sai an je wurin Alhaji sau uku ko huɗu, an daidaita kan kuɗin mota da ranar biya, wani lokacin ɗansa ne ke riƙe da littafi. Na biyun ciniki 115 ya yi, kowane miliyan 1.6, ya kusa da mudunmu sosai. Duk da haka ku ce ya cire mafi girma guda uku ya sake rabawa, domin kwangila ɗaya ta miliyan 70 tana iya kumbura lissafin shekara gaba ɗaya.

Wani daga baya ya tambaya: “Malam, idan ya ce alƙaluman sirrin tsohon kamfaninsa ne fa?”

Yana da gaskiya, Alhaji, kada ka nemi sunayen abokan cinikinsa. Ka nemi takardun kamashonsa na wata shida. Idan kamashonsa kashi ɗaya ne kuma da gaske ya sayar da miliyan 15 a wata, za ka ga wajen dubu 150. Idan dubu 40 ka gani, akwai magana.

Yankin da mutum ya riƙe shi ne abin da aka fi mantawa, kuma yana damuna. Na farkon unguwanni ya riƙe cikin Ngaundare, ya gaji shaguna daga wanda ya gabace shi, yana zagaya ashirin a yini. Mu kuwa daga Garwa zuwa Marwa sama da kilomita 200 ne, daga Marwa zuwa Kusuri wasu sama da 200, da damina hanya tana cin yini guda, gini ma yana ja baya. Saboda haka ku tambayi kowannensu nawa yankin yake kawowa kafin ya karɓa, nawa ya bar shi yana kawowa, sababbin 'yan sari nawa ya buɗe da ƙafarsa, kuma da wane harshe yake ciniki, domin Fulatancin da ke aiki a Marwa ba zai wadatar a Kusuri ba, can sai da Larabcin Shuwa.

Na biyun zan fara kira, in ce ya zo da takardun kamasho.