Wadda Ke Neman Kalma da Wadda Ke Neman Ma'ana: Lacca kan Manhajar Tace Masu Neman Aiki

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da haɗuwa.

Idan ka tura takardar tarihin aikinka ga babban kamfani, yawanci manhaja ce take fara karɓarta, irin waɗanda ake kira ATS, kamar Workday, Taleo ko Greenhouse. Sai ta zare rubutun ta adana, daga baya jami'in ɗaukar ma'aikata ya zo ya bincika. Yadda ake wannan binciken shi ne maganarmu ta yau, kuma hanyoyinsa biyu ne: ta farko neman kalma, ta biyu neman ma'ana.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Kamfani na neman mai nazarin bayanai, mutum ɗari huɗu sun nema. Jami'in ba zai iya karanta duka ba, sai ya rubuta a akwatin bincike:

```
SQL AND (Python OR R)
```

Wato yana son takardar da ke ɗauke da SQL, harshen da ake zaƙulo bayanai daga rumbun bayanai da shi, tare da aƙalla ɗaya daga cikin sauran harsunan kwamfuta biyun. A ce akwai wata mai neman aikin da ta shekara biyar tana aiki da rumbun bayanai, amma abin da ta rubuta shi ne PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, da Python. Duk wanda ya san fannin ya san ba a aiki da PostgreSQL sai da SQL. To amma manhajar da ke bin kalma da kalma tana ɗaukar PostgreSQL a matsayin kalma guda mai zaman kanta, ba ta leƙa cikinta. Sunan baiwar Allah nan ba zai fito ba. Ku lura, ba wanda ya ƙi ta, ba a dai gan ta ba ne. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mafi yawan waɗanda yake ci ba su san ya ci su ba, sai su zauna suna zargin ƙwarewarsu.

Hanya ta biyu ta yi ƙarfi ne bayan fitowar wasu fasahohin koya wa kwamfuta ma'anar kalmomi, word2vec a 2013 da BERT a 2018, dukansu daga Google. A nan manhaja tana mayar da rubutu jerin lambobi ɗaruruwa, bayan ta koya daga tarin rubuce-rubuce cewa kalmomin da ke yawan zuwa a muhalli iri ɗaya ma'anarsu na kusa. Sai ta auna kusancin lambobin takardarka da na sanarwar aikin, ta jera masu nema daga sama zuwa ƙasa. A wannan tsari, mai PostgreSQL za ta iya fitowa kusa da sama.

Kada ku ce shi ke nan an huta. Kusanci daban, daidaito daban. Java da JavaScript harsunan kwamfuta ne mabambanta, amma da yake ana yawan ambatonsu tare, manhajar na iya kusanta su. Haka kuma ba ta cika kula da kore magana ba: wanda ya ce bai taɓa jagorantar ma'aikata ba, jimlarsa na iya kama da ta wanda ya jagoranta. Sannan idan takardarka cike take da maganganu irin su "mai ƙwazo, mai son aiki tare da jama'a", ma'anarta sai ta tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa, ta yi nesa da aikin da ake nema.

Na ga hannu a baya, ana tambayar yadda za a gane wadda kamfani ke amfani da ita. Daga waje da wuya ka gane, kuma da yawa suna haɗa biyun ne. Don haka ka rubuta yadda zai gamsar da kowacce.

Ga yadda mai PostgreSQL ɗin nan za ta gyara takardarta. Ta ɗauki sanarwar ta ja layi ƙarƙashin sunayen kayan aiki da takardun shaida da sunan muƙami. Duk wanda ta iya da gaske, ta rubuta shi da haruffan da aka rubuta shi, ko da sau ɗaya ne. Idan suna yana da gajere da cikakke, ta kawo duka biyun. Sannan kada ta bar kalmar tsirara a jeri, ta sa ta cikin jimlar da ke faɗin aikin: cewa ta rubuta umarnin SQL a kan PostgreSQL don fitar da rahoton ciniki na wata-wata. Mai neman kalma ya samu SQL ɗinsa, mai auna ma'ana ya samu muhallin, mutumin da zai karanta daga baya ya ga hujja.

Masu cusa kalmomi da farin rubutu don kada ido ya gani, su daina. Manhaja tana zare rubutun ba tare da launinsa ba, jami'in zai gan shi fili, kuma amana ta tafi.

Kafin ku tura, ku yi gwaji ɗaya. Ku buɗe fayil ɗin, ku kwafe rubutun gaba ɗaya, ku liƙa a Notepad. Idan ba abin da ya fito, takardar hoto ce, akwai yiwuwar manhajar ba za ta karanta ko kalma ɗaya ba. Idan layukan sun cakuɗe, ginshiƙai biyu ko teburi ne suka jawo, sai a mayar da ita ginshiƙi ɗaya. Yanzu sai mu karɓi tambayoyi.