Zanen da aka sare wa ƙafa: yadda ƙaramin bambanci ke zama ƙato a idonku

Jama'a, ku dubi wannan hoto. Mutum biyu ne tsaye a bayan katanga. Na hagu, tsakiyar kansa kawai ake gani. Na dama kuwa har idanunsa sun leƙo. In aka tambaye ku wa ya fi tsawo, za ku ce na dama, kuma ba ku yi kuskure ba. Amma da nawa ya fi shi?

[A allo: katangar ta ɓace, mutanen biyu sun bayyana daga kai har ƙafa]

Na hagu santimita 170 ne, na dama 180. Katangar kuma 165. Abin da ya leƙo na mutumin farko santimita 5 ne, na ɗayan 15. Ido ya ga ninki uku, alhali tsakaninsu bai kai taki ɗaya ba. Babu wanda ya ƙara wa wani tsawo, babu wanda ya rage. An dai ɓoye muku ƙasan ne.

Abin da ake yi wa zanen ƙididdiga ke nan, irin mai sanduna a tsaitsaye da muke gani a talabijin da jaridu da tallan kamfanoni. A gefen hagu na irin wannan zane akwai layin tsaye mai ɗauke da lambobi, shi ne ma'aunin. A ƙa'ida daga sifili yake tashi. Idan mai zanen ya fara shi daga wata lamba can sama, to ya gina katanga ke nan, ya bar muku kawuna.

Ga wani da ya faru da gaske. A shekarar 2012, ana tsakiyar muhawarar haraji a Amurka, tashar talabijin ta Fox ta nuna wani zane mai sanduna biyu. Maganar ita ce, rangwamen harajin da aka yi zamanin Shugaba George W. Bush zai ƙare, kuma in ya ƙare, harajin masu samu mafi yawa zai tashi daga kashi 35 cikin ɗari zuwa kashi 39.6 a ranar 1 ga Janairun 2013.

[A allo: sanduna biyu, gajeriya ɗauke da 35, doguwa ɗauke da 39.6]

Ku dubi sandunan. Ta farko ko tashi daga ƙasa ba ta yi sosai ba, ta biyu ta miƙe kamar hasumiya. Wanda ke cin tuwo yana satar kallon allo zai ɗauka haraji zai ninka sau biyar ko shida. Lambobin da aka rubuta a saman sandunan gaskiya ne, ba a taɓa su ba. Matsalar tana gindin zanen: ma'aunin ya tashi ne daga 34.

Mu yi lissafin tare, a hankali. Tunda ƙasan zanen 34 ne, sandar da ke wakiltar 35 tsawonta taki ɗaya ne kacal, wato 35 a cire 34. Sandar 39.6 kuwa, in an cire 34, saura 5.6. Ke nan ta biyu ta ninka ta farko sau biyar da rabi har da ɗoriya. To a zahiri fa? Raba 39.6 da 35, za ka samu 1.13. Mutumin da ke biyan dala 100 a wannan mataki na haraji zai koma biyan dala 113 da 'yan kai. Ƙari ne, kuma mai biya zai ji a aljihunsa, ban ce ba komai ba ne. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin a ƙara maka 13 a kan ɗari da a ninka maka sau biyar.

[A allo: zanen ya sake fitowa, ma'auninsa daga 0 zuwa 40]

Ga shi nan an mayar masa da ƙafafunsa. Sanduna biyu kusan kai ɗaya, ɗaya ta ɗan ɗara ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan dabara shi ne ba ta da iyaka. Mai zanen ne ke zaɓar tsawon katangar. Da ya fara daga 30, sandunan za su zama 5 da 9.6, kusan ninki biyu. Ya fara daga 34, sun zama ninki biyar da rabi. Da ya ga dama ya fara daga 34.9, sandar farko za ta koma 0.1, ta biyu 4.7, ninki 47 ke nan. Lambobi biyun nan dai ba su motsa ba. Duk yadda ƙasan zanen ya matso kusa da ƙaramar lambar, haka bambancin ke kumbura.

Me ya sa muke faɗawa? Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Daidai nan aka kama mu. Ido yana gama auna tsawon sanduna kafin mutum ya kai ga karanta ƙananan lambobin gefe, kuma yana auna su ne da zaton cewa sanda mai ninki biyu tana nufin abu mai ninki biyu. Wannan zato ba wauta ba ne, shi ne ainihin amfanin sanda a zane: tsawonta shi ne adadin. Saboda haka sare mata gindi tamkar mudun da aka bubbuge ƙasansa ne. Daga sama ka gan shi cike har da tozo, abin da ke ciki kuwa bai kai ba.

Bari mu gwada da alƙaluman da muka sani a gida. Wannan zanen ni na yi shi da hannuna don misali. A zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2023, sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana ya ba Bola Tinubu ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi kuma 6,101,533. In na tashi daga sifili, sandar Tinubu za ta fi ta Atiku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba ta kuma kai ninki ɗaya da rabi na ta Obi ba.

[A allo: ƙasan ma'aunin yana hawa daga 0 har ya tsaya a miliyan 6]

Yanzu na ɗaga ƙasan zuwa miliyan 6. Abin da ya rage wa Tinubu ya kusa miliyan 2.8. Na Atiku bai cika miliyan ɗaya ba. Na Obi dubu ɗari da 'yan kai. Sai ga Tinubu ya kusa ninka Atiku sau uku, ya ninka Obi sau 27. Mutumin da ya samu ƙuri'a sama da miliyan shida ya koma ɗan zare a gindin allo. Rabi'u Musa Kwankwaso kuwa, mai ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da rabi, babu ma inda za a sa shi, ya nutse ƙarƙashin katanga. Wannan ma alama ce: in ka ga wani da ya kamata a ce yana cikin zane ya ɓace, tambayi inda aka fara awon.

To yaya za ku gane? Kafin ku kalli sandunan, ku kai ido kusurwar ƙasa, inda layin tsaye ya haɗu da na kwance. Wace lamba ce a wurin? In sifili ce, madalla. In wata ce, ku san abin da kuke gani kawuna ne. A zanen Fox ɗin nan ma'aunin ma ba a hagu yake ba, a dama aka sa shi, don haka ku duba gefe biyun. Wasu masu zanen, masu gaskiya, sukan sa 'yar alama mai kama da zigizag ko karaya a gindin layin, suna gaya maka an yanke wani sashe. Sun kyauta da suka faɗa, sai dai alamar ba ta gyara tsawon sandunan ba, ido zai ci gaba da auna abin da ya gani.

Wanda ya fi wuya shi ne zanen da babu ma'auni a gefensa ko kaɗan, sai sanduna masu launi da lambobi a samansu. Irinsa ya fi yawa a talla da hotunan da ake turawa a waya. A nan yatsa za ka sa. Auna gajeriyar sandar da yatsanka, ka ga sau nawa za ta shiga cikin doguwar. Sannan ka raba babbar lambar da ƙaramar. In yatsa ya ce sau biyar, lissafi kuma ya ce ɗaya da ɗigo, an sare ƙafa.

Kada kuma ku bar nan kuna zargin duk zanen da bai fara daga sifili ba. Ku tuna takardar da ake rubuta zafin jikin maras lafiya a asibiti. Lafiyayyen mutum yana wajen digiri 37, mai zazzaɓi mai tsanani ya kai 40. Tazarar digiri uku ce, amma ita ce tsakanin mai tafiya kasuwa da wanda ke kwance. In aka zana wannan daga sifili, layin zai miƙe ɗoɗar kamar babu abin da ke faruwa, likita ya rasa abin da yake nema. Shi ya sa irin wannan takarda ke farawa kusa da 35. Bambancin shi ne, a nan ɗigo ake yi ana haɗa su da layi, abin da ake bi kuma shi ne hawa da sauka. Babu sandar da tsawonta ke cewa ni ce adadin. Duk da haka, ko zanen layi ne, ku karanta lambobin gefe, domin farashin da ya motsa da naira biyar ana iya miƙe shi ya yi kama da hawan dutsen Dala.

Kuma ba kullum ne mugun nufi ba. Sau da yawa na'ura ce ta yanke, mai zanen bai lura ba. Manhajar Excel, in lambobinka sun yi kusa da juna, wato ƙaramar ta wuce kashi biyar cikin shida na babbar, ita da kanta take ɗaga ƙasan ma'aunin don bambancin ya fito. Ka zuba mata 35 da 39.6, za ta ba ka zanen da bai tashi daga sifili ba, ba tare da ta tambaye ka ba. Ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu da ma'aikatan ofis masu haɗa rahoto, wannan naku ne.

[A allo: zanen Excel, an danna lambobin gefe]

Gyaran ba shi da wuya. Danna lambobin layin tsayen da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Format Axis. A ƙarƙashin Bounds za ka ga akwatin Minimum. Goge abin da ke ciki ka rubuta 0. In kuma bayan ka yi haka sandunan sun zo kusan kai ɗaya har kana ganin bambancin ya ɓace, kada ka koma ka yanke. Rubuta lambar kowace sanda a samanta, ko ka sauya zuwa zanen ɗigo ko na layi, sannan ka faɗa a ƙarƙashinsa daga inda ma'aunin ya fara.