Mu Muna Cewa Acha, Mai Saye Yana Rubuta Fonio

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da warhaka. Ina magana da ku daga Manchester, kuma wannan ledar da kuke gani a hannuna acha ce da ƙanwata ta sayo a Jos, ta wanke, ta rege, ta shanya, sannan ta aiko mini domin in sa a shagonmu na Etsy, wata kasuwar saye da sayarwa ta intanet.

Ita ce ta fara rubuta bayanin kayan, kuma da na buɗe sai na tarar da kalmar `fonio`, wato sunan acha a ƙasashen waje, sau tara a cikin layi huɗu, an jera ta da waƙafi babu jimla ko ɗaya cikakkiya. Na kira ta, ta ce, "Yaya, ai an ce mini idan kalma ta yi yawa, kaya sun fi saurin fitowa a bincike." Ban ga laifinta ba, domin shawarar ta yaɗu a tsakanin masu sayar da kaya. Sai dai maimaita kalma ba ya ƙara mata nauyi, kuma Google ya sa cusa kalmomi cikin abubuwan da ƙa'idojinsa suka hana. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya karanta bayanin nan har ƙarshe bai san nauyin ledar ba, bai san ko an cire yashi ba, alhali duk wanda ya taɓa dafa acha ya san yashi ne abin tsoro a cikinta.

Ga yadda muka gyara. Na fara da tambayar wane ne zai saya, sai na ga mutum iri biyu ne. Ɗan gida da ke kewar gwaten acha zai rubuta `acha`, amma Bature ko mutumin Senegal bai san wannan suna ba, `fonio` ya sani. Ku duba allon wayata: ina rubuta `fonio` a akwatin bincike ba tare da na danna komai ba, sai shafin ya jero ƙarashen da mutane suka saba nema. Daga nan na kwashi waɗanda suka dace da kayanmu, na bar sauran.

Kowace kalma kuma tana da mazauninta. Babbar kalma tana zama a farkon take, domin a waya ƙarshen take yakan yanke, shi ya sa namu ya zama `Fonio Grain (Acha) 1kg, Washed, from Jos Nigeria`. Sauran suna tafiya gurbin `Tags`, inda Etsy ya ba kowane kaya gurbi 13, kowanne ba ya wuce harafi 20 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. A nan ne na sa `west african grain` da `fonio porridge` da `couscous alternative`, wanda ya cika harafi 20 cif. Ban ɓata gurbi a kan kalma guda kamar `grain` ba, saboda duk mai sayar da hatsi yana takara a kanta, kuma wanda ya rubuta ta bai riga ya san abin da yake so ba.

Da waɗannan suka samu wurin zama, sai bayanin ya huta. Sunayen biyu sun shiga jimlar farko sau ɗaya ɗaya, sauran kuma amsa ce ga abin da mai saye zai tambaya: nauyi, inda aka noma, yadda aka rege, da yadda ake dafawa. Na sa ƙanwata ta karanta mini shi da ƙarfi ta waya, kamar tana yi wa mai ciniki bayani a kasuwar Terminus, duk inda harshenta ya sarƙe muka goge.

Akwai kalmar da na ƙi sawa, ko da yake ana nemanta sosai, wato `gluten free`, ma'ana babu `gluten`, sinadarin da ke cikin alkama wanda yake cutar da masu wata larura. Gaskiya ne acha ba dangin alkama ba ce, amma a Birtaniya ba a rubuta wannan a jikin abinci sai sinadarin bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, mu kuwa ba mu kai tamu gwaji ba, kuma a kasuwa mudu ɗaya yakan auna acha ya auna alkama. Mai larurar da ya saya bisa wannan kalma lafiyarsa ya damƙa mana.

Bayan wata guda zan buɗe `Stats`, shafin ƙididdigar shagonmu, in ga kalmomin da suka kawo mutane. Wadda take kawo masu leƙe ba ciniki, alama ce ta cewa abin da suke nema daban ne da abin da ke cikin ledar nan, sai in cire ta in gwada wata a gurbinta.