Gari, riga, gira: yadda ƙaramin shiri ke haɗa kalmomi masu harufa ɗaya

Jama'a barkanmu da warhaka. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan taɓo: dabarar kanta, shirin da za mu rubuta da Python, sai kuma saurinsa.

Ku dubi allo. Gari. Riga. Gira. Harufa huɗu ne, su ɗin dai, wuri kawai suka sauya. Irin waɗannan kalmomi su ake kira anagiram. Aikinmu shi ne a ba mu fayil mai kalmomi dubu goma, mu ware su rukuni-rukuni, kowace ta zauna da 'yan uwanta.

Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya ɗauki kalma ya gwada ta da duk sauran. Ku lissafa. Kalmomi 10,000, kowace da kowace, gwaji 49,995,000 ke nan. Ba ma buƙatar wannan wahala. Ka ɗauki kalma ɗaya, ka jera harufanta daga ƙarami zuwa babba. Gari ta zama `agir`. Riga ta zama `agir`. Gira ma `agir`. Wannan jerin shi ne makulli. Duk kalmomin da makullinsu ya zo ɗaya, ɗakinsu ɗaya. Kalma ba ta san da zaman wata kalma ba, ɗakinta kawai ta nufa.

Ga shirin, layi biyar ne:

```python
rukuni = {}
for layi in open("kalmomi.txt", encoding="utf-8"):
    kalma = layi.strip()
    makulli = "".join(sorted(kalma.lower()))
    rukuni.setdefault(makulli, []).append(kalma)
```

`sorted` yana jera harufan, amma jeri yake mayarwa, wato `list`, kuma Python ba ya karɓar `list` a matsayin makullin `dict`, wato ma'ajiya irin `rukuni` ɗinmu mai haɗa kowane makulli da ɗakinsa. Idan ka manta da `"".join` za ka ga `TypeError: unhashable type: 'list'`. Shi kuwa `setdefault`, in ɗakin babu sai ya buɗe shi, in akwai sai ya miƙo maka shi ka ƙara kalma.

Yanzu ku ajiye biro ku saurara, don nan ne zan daɗe. Mun ce "ka jera harufa". To mene ne harafi a wurin kwamfuta? Lamba ce. Ƙaramin a lambarsa 97, z kuma 122. Babban A lambarsa 65. Saboda haka duk manyan baƙaƙen nan daga A zuwa Z suna gaba da ƙanana. Idan Gari ta zo da babban baƙi, makullinta `Gair` ne, riga kuma `agir`. Sun rabu. Shirin bai yi kuka ba, bai nuna kuskure ba, rukunin ne kawai ya tsage gida biyu. Shi ya sa muka sa `lower`. Ku lura kuma, makullin muka ƙanƙantar, kalmar mun ajiye ta yadda ta zo.

Haka `strip`. Kowane layi a fayil yana ɗauke da alamar ƙarshen layi da ido ba ya gani, ita ma lamba ce, 10. In ba ka cire ta ba, za ta shiga makullin kowace kalma, sai ka ga kamar komai lafiya, tunda kowa na da ita. Amma layin ƙarshe sau da yawa ba shi da ita. Sai kalma ɗaya tak, ta ƙarshe, ta ƙi shiga cikin 'yan uwanta. Duk ranar da kuka ga kalmar ƙarshe ce kaɗai ta ɓata, nan za ku fara dubawa.

Sai harufa masu lanƙwasa. Kasa da saka 'yan uwa ne, makullinsu `aaks`. Ƙasa da saƙa su ma 'yan uwa ne, makullinsu `aasƙ`. Kun ga ƙ ta koma can ƙarshe? Lambarta 409, ta k kuwa 107. Wani zai ce ai wannan ba jerin abacada ba ne, ƙ bayan k take zuwa. Gaskiya ne, amma bai dame mu ba ko kaɗan. Ba ƙamus muke bugawa ba. Abin da muke so daga jerin shi ne ya zama iri ɗaya kullum. Iri ɗaya kullum, shi ke nan. Matsalar tana ga fayil ɗin da aka rubuta rabinsa da lanƙwasa, rabi babu. A nan wanda yake nufin saƙa zai sami kansa a ɗakin saka, masaƙi ya zo aiki ya tarar an sauya masa sana'a. Shiri ba zai gyara maka wannan ba, sai ka gyara fayil.

Kuma ba mu gama da harafi ba. Ku ɗauki sati da tsai, kamar a "tsai da magana". Shirinmu zai haɗa su, duka `aist`. Amma a rubutun Hausa ts harafi ɗaya ne, sauti ɗaya, haka ma sh. To anagiram ne ko ba anagiram ba? Wannan hukunci naka ne, ba na Python ba. Ni a ganina, in wasan harufa kake yi, bar su tare. In kuwa nazarin harshe kake, maye gurbin ts da sh, kowanne da tasa alama guda wadda ba ta cikin fayil ɗin, kafin ka jera, misali `kalma.replace("ts", "1")`, bayan ka ƙanƙantar da baƙaƙen. Sai ts ta yi tafiya a dunƙule.

Na huɗu... a'a, na ce uku ne ko? To wannan ƙari ne. Alamar da ke cikin jama'a da 'ya'ya. Akwai miƙaƙƙiya `'`, akwai lanƙwasassa `’`, a ido kusan ɗaya, a lamba 39 da 8217. Ka zaɓi ɗaya ka mayar da duka gare ta. Idan fayil ɗin na da alamun karin sauti a kan wasula, à tana iya zama lamba ɗaya, ko a da alama daban a bayanta. In biyu ce, `sorted` zai raba su, alamar ta gudu ƙarshe. Magani shi ne `unicodedata.normalize("NFC", kalma)` tun da farko, bayan ka sa `import unicodedata` a saman shirin.

Lokaci ya tafi, bari in yi sauri a kan saurin. Kowace kalma sau ɗaya ake jera ta, kalmomi kuma gajeru ne, dubu goma kafin ka ɗaga kai an gama. Wajen bugawa, ka nuna ɗakunan da ke da kalma fiye da ɗaya kawai. In kalma ta maimaitu a fayil za ta fito a matsayin 'yar uwar kanta, sai ka tace maimaici. Kada kuma ka yi makulli da `set`, yana zubar da harafin da ya maimaitu, sai kaka da ka su zama ɗaya.

Na ga hannu. Bismillah.

Tambaya: Malam, tunda harufa lambobi ne, me zai hana mu tara lambobin kawai, jimillar ta zama makulli?

Yawwa, zo mu gwada a allo. Kalmar na: n 110, a 97, jimilla 207. Kalmar je: j 106, e 101. Nawa? 207. Ka gani, ba harafi ɗaya da ya haɗa su, amma sun faɗa ɗaki ɗaya. Jimilla tana mantawa da abin da aka tara. Amma tunaninka na da gyara. Ba kowane harafi lambar da ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya, a ta ɗauki 2, b 3, c 5, d 7, sannan ka ninka su maimakon tarawa. Wannan ba ya karo, domin hanya ɗaya ce tak ake wargaza lamba zuwa irin waɗannan lambobi. Sai dai dole ka rubuta tebur da hannunka, ka sa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a ciki, in ka manta ɗaya shirin ya tsaya da `KeyError`. Ku rubuta duka biyun, na jerawa da na ninkawa, ku ba su fayil ɗaya, ku ƙirga ɗakunan. Dole adadin ya zo daidai.