Kafin Ku Yanki Tikitin Zuwa Gida

Maganar Baba nan na wajenmu ta hana ni barci, shi ya sa na ture rahoton kuɗi gefe. Dattijo mai ciwon baya ya tafi Damagaram sallar layya, ya dawo sai da muka taɓa asusun ƙungiya don rufe masa bashi. Me ya jawo? Tikitin kujerar baya a jirgi ya saya a ƙurarren lokaci, wai shi ne mai sauƙi.

Ga takardunsa a hannuna. Tikiti yuro 950, da akwati ɗaya tak mai kilo 23. Wa a cikinku ya taɓa zuwa gida da akwati ɗaya? Saƙon mutanen Birni da na Zango kaɗai ya cika shi. Ya ƙara akwati biyu a filin jirgi, yuro 150 kowanne. Rasuwa ta riƙe shi a gida, sauya ranar dawowa ta ci 200. Kuɗi ya tashi 1,450. A makon da ya yanki tikitin nan, kujerar gaba, wadda ake kira biznes, tana kan rangwame a 1,400, da akwati biyu masu kilo 32, da kujerar da ake shimfiɗewa a kwanta. Baba ya biya fiye da haka, ya kwana a takure, ya sauka Yamai, sannan ya hau bas kilomita kusan 900 zuwa Zinder da bayan nan nasa. Haba jama'a!

Abin da ke faruwa shi ne, gab da sallah da hutun ƴan makaranta kujerun baya masu araha sun ƙare, sai masu tsada. A lokacin kuma ma'aikata da ƴan kasuwar da ke cika gaba sun rage tafiya, kamfani ya sauke farashi. To don Allah ku haɗa lissafi duka kafin ku biya.

Amma kada wani ya ce shugaba ya ce kowa ya hau gaba. In ka sami tikitin baya a 600 tun da wuri, ba ka da kaya, ka saya abinka. Kuma rangwamen yana da tarko. Wani ba a mayar da kuɗinsa, wani sauya ranarsa ma sai an biya, wani akwati ɗaya ya ba ka. Ku duba kowane zango daban, domin mai bi ta Kasablanka ko Istanbul zai iya tarar da ƙaramin jirgi a zangon Yamai, kujerar gabansa jingina kawai take yi.

Kuɗin wata: mutum goma sha ɗaya ba su biya ba, sun san kansu, su ga ma'aji yau. Kuma daga yanzu duk dattijon da zai yanki tikiti, ya kira ɗaya daga cikin samarinmu su zauna su duba tare. Abin da asusu ya yi wa Baba, ba shi da ƙarfin yi wa mutum na biyu bana.