Filin da Aka Saya Tare, Takardar da Ke Ɗauke da Suna Ɗaya

Hajiya: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam da kuma Auta kamar kullum. Tun da muka karanta saƙon baiwar Allahn nan a makon jiya, wayoyinmu ba su huta ba, har a gidan biki ma an tare ni da maganar, saboda haka muka ga ya dace mu zauna a kanta yau. Auta, ki tuna mana da lissafin da ta aiko, domin a cikinsa maganar take.

Auta: To, Hajiya. Ta ce albashin maigidanta naira 180,000 ne a wata, ita kuma tana ɗinki a cikin gida. Sun yi shawarar sayen fili na naira 2,400,000 a bayan gari, suka tsaya a kan shi zai riƙa ajiye 40,000 duk wata, ita kuma 30,000, har tsawon wata 24. Da lokacin ya cika, abin da suka tara bai kai ba, sai ta sayar da sarƙa da 'yan kunnenta na gwal a kan 720,000 ta cika. An sayi filin, an rubuta takarda da sunansa shi kaɗai, kuma bayan wasu watanni ta gano cewa ana binsa bashin naira 600,000 wanda bai taɓa faɗa mata ba.

Hajiya: Yawancin waɗanda suka kira mu sun tsaya ne a kan ɓoye bashin, kuma suna da gaskiya, amma ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takardar. Mu yi lissafin a fili. Zubinta na wata 24 ya kama 720,000, gwal ɗinta ma 720,000, wato ta sa 1,440,000. Shi kuma ya sa 960,000. Idan aka raba filin nan gida biyar, uku nata ne, biyu nasa, amma babu inda aka rubuta haka. Malam, idan ta Allah ta kasance a kan mijin nan gobe, yaya za a yi da filin?

Malam: Allah ya yi masa tsawon rai, Hajiya, amma tambayar tana kan hanya. Ayoyin gado da ke cikin Suratun Nisa'i sun maimaita cewa ana rabo ne bayan an fitar da wasiyya da bashi. Idan masu rabo suka ɗauki filin a matsayin nasa baki ɗaya, kamar yadda takarda ta nuna, kuma muka ƙaddara cewa farashinsa bai canza ba kuma shi kaɗai ya bari, za a fara cire 600,000 a biya masu bin bashi, ya rage 1,800,000. Tunda suna da 'ya'ya, rabonta tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, wanda ya kama 225,000. Idan kuwa yana da wata matar, su biyu za su raba tumunin nan, kowacce ta tashi da 112,500.

Auta: Ikon Allah. Matar da ta sa 1,440,000.

Malam: Ita ɗin dai. Amma da an rubuta rabonta tun farko da shaidu, kuɗinta ba ya cikin abin da mamaci ya bari, saboda haka za a ware mata kasonta kafin a taɓa komai. Bashin zai fita ne daga 960,000 ɗinsa, ya rage 360,000, ta sake karɓar tumuninta na 45,000 a ciki. Tana iya zuwa gaban alƙali ta yi da'awa ko da babu takarda, sai dai a lokacin ita za a nema ta kawo hujja, kuma wanda ya fi kowa sanin gaskiyar maganar ba ya nan balle ya tabbatar.

Hajiya: Shi ya sa nake jin zafi idan na ji ana cewa ai tsakanin mata da miji sai Allah, rubutu rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ce a rubuta don ana zargin juna ba. Duk kuɗin da mace za ta sa a cikin abin da mijinta zai saya ko zai gina, ɗayan uku ne: ko kyauta ta ba shi, ko rance, ko kuma tarayya suka yi. Dole a faɗi wanne ne kafin kuɗin ya bar hannunta. Idan kyauta ce, ta bayar da zuciya ɗaya, lada tana nan, kuma kada ta dawo ranar da aka yi faɗa ta ce a biya ta. Idan rance ne, a rubuta adadin da lokacin biya. Idan tarayya ce, a takardar cinikin da ake yi a gaban mai unguwa a sa sunayen su biyun, a kuma rubuta kason kowa, a sa shaida daga danginta da kuma daga nasa. Abin da ke kashe mata shi ne kunya: ita a zuciyarta tarayya ce, shi a zuciyarsa taimako ne, kowa ya yi shiru yana ganin ɗayan ya gane.

Malam: Ina so in ƙara wani abu domin maza su ji. Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama haƙƙi ne a wuyan miji ko da matar ta fi shi dukiya, kuma abin da ta samu da sana'arta mallakarta ne. Saboda haka idan ana tsara kuɗin gida tare, bai kamata a fara da tunanin cewa an haɗa aljihu ya zama ɗaya ba. Abin da ta kawo alheri ne, kuma an ruwaito cewa Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta yi tambaya a kan ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka amsa mata cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka.

Auta: Amma ina da magana a kan bashin, domin kada a ce mun ɗora wa maza laifi su kaɗai. Mata ma muna ɓoyewa. Akwai atamfar anko da ake karɓa a wurin dillaliya a biya kaɗan-kaɗan, akwai kuma adashi, wanda mutane da yawa ba sa ƙirga shi a cikin bashi.

Hajiya: Kin taɓo inda nake so, Auta. Adashi ajiya ne matuƙar ba ki kwasa ba, amma daga ranar da kika kwasa ya koma bashi. A ce ku goma ne kuna zubin 20,000 duk wata, aka ba ki kwasa ta biyu. Kin karɓi 200,000 alhali 40,000 kawai kika zuba, saboda haka ana bin ki 160,000, kuma uwar adashi ba za ta saurari uzurin cewa kasuwa ta yi sanyi ba. Sau da yawa mace za ta shiga adashi biyu ko uku, ta kwashi na biyun ta biya na farko, maigida bai sani ba sai ranar da aka yi sallama da shi a ƙofar gida. Akwai kuma wadda take neman kwasar farko a kowane zagaye, tana ganin dabara ce, alhali kullum a cikin bashi take kwana. Ni a ganina, wadda ke tara kuɗin fili ta nemi kwasar ƙarshe ko ta kusa da ƙarshe, sai dai ita ma wannan tana da nata haɗarin, domin idan adashin ya watse a tsakiya ita ce ke asara, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda kuɗin da aka ajiye na wata goma ke rage daraja kafin ya dawo hannu.

Malam: Hajiya, mu koma kan mijin, domin wasu sun tambayi yadda mace za ta gane ana bin maigida bashi ba tare da ta koma bincike a wayarsa ba.

Hajiya: Haka ne, Malam. Binciken waya ba hanya ba ce, yana ƙara ɓata zama ne kawai. Hanyar ita ce a fara shirin daga abin da ke shigowa hannu a zahiri. Ma'aikacin da ya ci bashin banki ko na ƙungiyar ma'aikata, sau da yawa ana cirewa ne tun kafin kuɗin ya iso gare shi, saboda haka albashin da yake faɗa da baki da abin da ke sauka a asusunsa ba ɗaya ba ne. Kafin a tsayar da zubin 40,000, su zauna su biyu, kowa ya rubuta wanda ke binsa, nawa ne, nawa ake biya a wata, yaushe zai ƙare, kuma ita ma ta sa adashinta da na dillaliya a ciki. Alamomin kuwa ba sa ɓuya: kuɗin cefane ya fara tsinkewa tun kafin tsakiyar wata alhali albashi bai ragu ba, ko mutum ya riƙa fita waje idan wata lamba ta kira, ko zubin ya riƙa zuwa a makare. Mafi muni shi ne bashin manhajojin waya, wanda baya ga kuɗin ruwan da ke cikinsa, wasunsu kan aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayar mutum, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ɗauki mataki a kan wasunsu a 2022. Babu macen da ya dace ta fara jin bashin mijinta daga bakin ƙanwarta.

Auta: To, ita wannan baiwar Allah me za ta yi yanzu? Kuma mun yi alƙawarin magana a kan wanda zai riƙe kuɗin, ga shi lokaci ya kusa cika.

Malam: Ta same shi cikin natsuwa, ta raba maganar biyu. Ta farko, a rubuta takardar da yake amincewa cewa uku bisa biyar na filin nata ne, shaidu biyu su sa hannu, kowannensu ya riƙe kwafi. Ta biyu, a dakatar da maganar gini har sai an biya bashin: idan ya mayar da 40,000 ɗin da ya saba zubawa kan biyansa, wata 15 ya ishe shi, muddin babu ruwan da ke hauhawa a kai.

Hajiya: Batun riƙo kuma, a gurguje: kuɗin cefane ya zauna a hannun wanda ke sayayya, kuɗin burin da aka haɗa a sa shi a asusun haɗin gwiwa wanda ba a cirewa sai da sa hannun su biyun, kuma a tabbatar an zaɓi wannan sharaɗin tun wajen cike takardar banki, domin akwai irin wanda mutum ɗaya ke iya cirewa. Abin da ya rage wa kowa nasa ne, ya yi wa iyayensa hidima ba tare da neman izini ba. Gidan da ke da mace fiye da ɗaya lissafinsa daban ne, kuma Malam ya ce sai an ba shi zama guda. Auta, ki ci gaba da tattara saƙonnin. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.